Darasi na Bakwai: Yadda Tallan Aiki Zai Riƙa Iso Maka ta Imel Kullum

Mai neman aikin tuƙi a Jidda yana iya ɗora wa Google Alerts nauyin duba masa sababbin tallace-tallace, ba tare da ya biya ko riyal ɗaya ba. Abin da ake buƙata shi ne adireshin Gmail, sai a buɗe google.com/alerts, inda za a ga akwatin rubutu a sama.

Aikin duka yana cikin kalmomin da za ka saka a akwatin nan, kuma dole ne su zama irin waɗanda mai tallan yake rubutawa. Masu ɗaukar direba a Saudiyya da Larabci suke talla, wasu kamfanoni kuma da Turanci, saboda haka wanda ya rubuta “direba” da Hausa zai daɗe yana jira. Ga abin da za a rubuta:

```
"مطلوب سائق" جدة -"للسعوديين فقط"
```

Kalmomi biyun farko suna nufin ana neman direba, kuma alamar zance da ta kewaye su tana tilasta a kawo su a jere. Kalma ta uku sunan Jidda ne. Idan ka cire ta, za ka riƙa samun labaran haɗarin mota da na tarar hanya, domin su ma suna ambaton direba. Alamar debewa kuwa tana kawar da guraben da aka keɓe wa 'yan ƙasa kaɗai, waɗanda mai iƙama ba zai samu ba. A kula ta manne da abin da ke biye da ita, domin tazara ɗaya tana ɓata aikinta.

Daga nan sai ka taɓa Show options. A layin How often ka zaɓi At most once a day, wato kada ya wuce saƙo ɗaya a rana, a layin Language ka zaɓi Arabic, a layin How many kuma All results, sannan ka danna Create Alert. A ganina gara a yi na Turanci daban, da kalmomin driver da Jeddah, a kan a cakuɗa harsuna biyu wuri ɗaya.

Bayan mako guda sai ka auna sakamakon. Idan yawancin abin da ya zo bai shafe ka ba, ka ƙara kalma mai taƙaitawa, kamar نقل ثقيل ga mai lasisin babbar mota. Idan kuma shiru ka ji, ka fara duba Spam ko Promotions kafin ka rage kalma. Google yana aiko sabon abin da ya gano a buɗaɗɗen intanet ne kawai, don haka tallan da aka watsa a zaurukan WhatsApp ba zai zo ba, kuma ranar da babu sabo babu saƙo.

Aikin gida: ka rubuta sana'arka da garin da kake zaune da Larabci a takarda, ka kawo wa malami ya duba rubutun kafin ka saka shi a waya.