Yadda zaki rubuta 'yar magana ƙasan bidiyon tatatar yaronki

In yaro ya fara tatata kin samu kin ɗauka da salula, kada ki yi saurin rubuta "Alhamdulillah ɗana ya fara tafiya", kowa haka yake sawa kuma ai mutane suna gani da idonsu. Da farko sake kallon bidiyon ki nemo abu guda da ya faru. Taku nawa ya yi, wurin wa ya nufa, me ya ja shi? Mu ce yaro ne ɗan wata 11, ya saki bakin gado ya yi taku uku ya wuce babanshi da ya buɗe hannu yana jira, ya je ya faɗa jikin kakarshi don tana riƙe da ƙuli-ƙuli. To maganar tana nan, wajen wuce baban da ƙuli-ƙulin.

Sai ki zaɓi bakin da za a sa maganar. Wannan shi ne inda mu 'yan Maradi muke da sauƙi, don wasan kaka da jika ya riga ya gama mana aiki, kaka tana ce ma jikanta namiji angona ko maigida, mace kuma kishiya. Sai ki rubuta: "Ango ya taka da ƙafarshi zuwa wurin amarya, sadaki ƙuli-ƙuli." In mace ce: "Hajiya ki shirya, kishiya ta miƙe." Wannan dabarar tana fidda ki daga wata matsala ma, in ɗan fari ne da kike jin nauyin kama sunanshi gaban surukai, kin ga kin yi magana ba ki ambaci suna ba.

Kalmar farko ma haka ne, ki rubuta ta yadda ta fito daga bakinshi kada ki gyara. In "baba" ya fara cewa: "Wata tara ciki, goyo ni, wanki ni, amma wai baba."

Bayan nan ki rage. A WhatsApp mutane latsawa suke suna wucewa, layi ɗaya ko biyu ya isa, in kin karanta da baki numfashi ya yanke miki to ta yi tsawo. Tsokanar ta tsaya kan manya, banda jikin yaron, irin su gwame ko ƙaton kai, don bidiyo yana yawo ya daɗe. Ni dai ban cika son a sa watanni ba, yara suna fara tafiya tun daga wajen wata 9 har zuwa 18 kuma duk lafiya ne, amma wadda nata ya kai wata 15 yana rarrafe in ta ga "wata goma kacal!" sai hankalinta ya tashi a banza.

Ƙarshe ki liƙa Tubarkalla ko Masha Allah, kalma guda ba dogon wa'azi ba, in ba haka ba kafin la'asar gwaggo ta kira tana faɗan kin baje yaro ma bakin mutane.