Maik ɗin USB ya ƙi fitowa a kwamfuta: inda mutane suke yawan yin kuskure

Kuskure na farko da kusan kowa yake yi shi ne ganin fitilar maik ta kama sai a ce ai lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ce ke da matsala, a tafi neman direba a intanet. Wannan fitilar wuta kawai take nuna maka. Kebul ɗin USB na gargajiya wayoyi huɗu ne a cikinsa, biyu na wuta biyu na kai bayanai, kuma akwai kebul da yawa a kasuwa, musamman waɗanda ake haɗowa da fawa banki ko tocila mai caji, da biyun wutar kaɗai aka sa musu. Ka jona irin wannan, fitila za ta kama tar, amma kwamfuta ba ta ma san an jona komai ba.

To kafin ka taɓa komai, fara gano abu ɗaya: kwamfutar ta ga maik ɗin ko ba ta gan shi ba? A Windows danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta wannan:

```
devmgmt.msc
```

Device Manager zai buɗe. Bar shi a buɗe, ka zare maik ɗin ka mayar kana kallon allon. In jerin ya ɗan girgiza kuma wani sabon suna ya fito ƙarƙashin Sound, video and game controllers, to kebul da rami da wuta duk sun yi aikinsu, abin da ya rage saiti ne. Kar ka tsaya jiran sunan kamfanin da ke jikin kwali fa, masu arha da yawa USB PnP Sound Device ko USB Audio Device suke fitowa, mutane su wuce shi ba su gane nasu ba ne. In jerin ko motsi bai yi ba, kebul ne abin zargi na farko. In kuma ka ga Unknown USB Device (Device Descriptor Request Failed) da alama mai ruwan ɗorawa can ƙasa wajen Universal Serial Bus controllers, kwamfutar ta ji an jona wani abu amma ta tambaye shi ko shi waye ya kasa ba ta amsa, kuma galibi kebul mai rauni ne ko rami ko ƙarancin wuta ke kawo haka.

Gwajin kebul ba wuya. Jona wayarka da kwamfuta da shi, in caji kawai ta ɗauka ba ta ba ka damar ɗebo hotuna ba, na caji ne zalla, ajiye shi. In mai kai murabba'i ne irin na firinta, ari na firintar ka gwada. Sai dai ka duba bakin da kyau, mini USB da maikuro USB ba ɗaya ba ne, kar ka tura da ƙarfi ka karya ramin maik ɗin, wannan gyaran ya fi kuɗin kebul nesa ba kusa ba. Akwai kuma wata da ke rikita masu sababbin laftof: wasu maik masu ramin USB-C ba sa tashi da kebul mai kan C gaba da baya, saboda an yi rowar wasu 'yan resisto biyu a cikinsu, amma ka sa mai kan USB-A a ɓangaren kwamfuta sai su yi aiki. In laftof ɗinka C kawai take da shi, adafta daga C zuwa A tare da kebul ɗin da ya zo a kwali yana raba gardama. Kuma cire duk wani kebul na ƙarin tsawo lokacin gwaji, USB 2.0 iyakarsa kusan mita 5 ne, masu arha ma ba sa kai nan.

Sai rami. A kwamfutar tebur mutane sun fi son ramukan gaba don sun fi kusa, alhali su da wata siririyar waya aka jawo su daga madabod, wani lokacin ma mai haɗawa bai jona ta daidai ba. Zagaya baya ka sa a waɗanda ke manne da madabod ɗin kai tsaye. A laftof gwada kowane rami, ɓangaren hagu da dama, ka kuma sa filashi a ramin da kake zargi ka ga ko zai karanta.

Maganar wuta ita ce aka fi rainawa. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, na 3.0 (sau da yawa cikinsa shuɗi ne) 900. Yanzu ka ɗauko ɗan hob ɗin nan mai baki huɗu wanda ba shi da cajarsa, ka jona maus da kibod mai fitilu da kyamara da maik, duk wutar rami ɗaya suke rabawa. Alamar da za ka gane da ita: maik ya fito ya ɓace, kana jin ƙarar jonawa da cirewa tana maimaita kanta, ko ya yi lafiya sai ka jona hadis ɗin waje ya ɗauke. Sa shi shi kaɗai a jikin kwamfuta, in dole sai da hob to nemi mai cajarsa. Wanda kuma nasa yake aiki da farko sai ya mutu bayan laftof ta yi barci, ko an ɗauke wuta ta koma kan batir, ya shiga Device Manager, ya buɗe USB Root Hub, a Power Management ya cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power.

Af, ka tabbatar ma maik ɗin USB ne da gaske. Irin BM-800 da ake sayarwa da ɗan sawun kad kamar filashi, maik ne mai bakin XLR, ɗan kad ɗin ne kwamfuta take gani. Sautinsa ya kan fito can ƙasa ƙasa in bai samu wutar 48V ba, kuma babu saitin Windows da zai ba shi ita.

Mu ɗauka yanzu ya fito a Device Manager amma har yanzu shiru, ko muryar tana fitowa kamar daga cikin rijiya. Wannan kusan kullum maik ɗin cikin laftof ne yake ɗauka, naka yana zaune. Gwada shi da sauƙi, ƙwanƙwasa kan maik ɗin da farce kana ɗauka, sannan ka ƙwanƙwasa kusa da kyamarar laftof, wanda ya fi ƙara shi ne ke aiki. Gyaran, sake danna Windows da R ka rubuta wannan:

```
mmsys.cpl
```

Shiga Recording, danna dama a fili ka kunna Show Disabled Devices, zaɓi naka ka danna Set Default, ka yi magana ka ga koren layin gefe yana hawa. In ba ya hawa shiga Properties ɗinsa ka duba Levels ko an rage shi zuwa sifili, duba kuma maɓallin rufe murya da ke jikin maik ɗin kansa, da yawa suna da shi. Layi na hawa amma manhaja ba ta ji? A Windows 11 je Settings, Privacy & security, Microphone, ka tabbatar Let desktop apps access your microphone a kunne yake.

Har yanzu da saura, don Zoom da OBS da Audacity kowanne yana da nasa wurin zaɓen maik, ba dole su bi na Windows ba. Audacity ma in ka buɗe shi kafin ka jona ba zai ga maik ɗin ba sai ka danna Rescan Audio Devices ko ka rufe ka sake buɗewa.

Sake direba shi ne na ƙarshe, don yawancin waɗannan maik da direban da ke cikin Windows suke aiki, ba sa bukatar ka sauke komai, kuma manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka duk direbobi ni dai ban ba ka shawarar su ba. In ya kama, danna dama a kan sunansa a Device Manager, Uninstall device, zare shi, sake kunna kwamfuta, ka mayar. In da kebul mai kyau ka kai shi kwamfuta ta biyu ita ma ko motsi ba ta yi ba, maik ɗin ne, yawanci ramin jikinsa ne ya saki daga allon ciki, kuma mai gyaran waya zai iya yi masa dalma in ba za a karɓa a canza maka ba.