Darasi na Tara: Fitilun Mota a Duhu, Ruwan Sama, Ƙura da Hazo

Wannan darasi na 'yan'uwa ne masu tuƙi a ƙasar Saudiyya, ko direban gida ne, ko mai jigilar alhazai tsakanin Jidda, Makka da Madina, ko mai ɗaukar kaya zuwa Riyad. Fitilar mota aiki biyu take yi: ta nuna maka hanya, ta kuma nuna ka ga wasu. Da dare aikin farko ya fi yawa. A cikin ƙura da hazo kuwa na biyun ne ya fi muhimmanci, domin a lokacin babu fitilar da za ta buɗe maka hanya sosai.

Fara da sanin alamomin

Kunna motarka tana tsaye, ka murɗa makunnin fitila mataki-mataki kana duban allon gaban sitiyari. Koriyar alama mai layuka da suka sunkuya ƙasa ita ce gajeriyar fitila, wadda direbobi ke kira dim. Shuɗiyar alama mai miƙaƙƙun layuka ita ce doguwar fitila. Idan ka ga layukan an ratsa su da wani lanƙwasasshen layi, fitilar hazo ce: koriya ta gaba, ruwan lemo ta baya. Jan maɓalli mai kusurwa uku shi ke kunna sigina huɗu a tare, wato fitilar haɗari, wadda a nan aka fi sani da falasha. Ba kowace mota ce ke da fitilar hazo ta baya ba, don haka ka zagaya bayan motar ka gani da idonka.

Akwai tarko a sababbin motoci. Suna da farar fitila a gaba da ke kama da kanta da zarar an tayar da inji, allon sitiyari ma yana haske, sai direba ya ɗauka ya kunna fitila. A motoci da yawa jajayen fitilun baya a kashe suke a wannan hali. Haka kuma idan makunnin yana kan AUTO, motar duhu take aunawa, ba ta san ƙura ba. Da azahar ƙura za ta iya rufe gari, ita kuwa tana ganin rana ce. A irin wannan lokaci ka murɗa makunnin da hannunka zuwa dim.

Da dare: gudunka ya tsaya inda haskenka ya tsaya

Dim tana haska wajen mita 50 a gabanka. Doguwar fitila takan wuce mita 100. Yanzu mu auna wannan da birki. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin idonka ya ga abu, ƙafarka ta bar totur ta hau birki, daƙiƙa ɗaya ta tafi, wato mita 28. Birkin kansa a busasshiyar kwalta yana buƙatar wajen mita 55. Jimla ta haura mita 80. Ke nan wanda ke gudun 100 da dim a hanyar da babu fitilun titi, duk abin da haskensa ya nuna masa tsaye a kan kwalta, sai ya buge shi. A gudun 60 kuwa mota na tsayawa a ƙasa da mita 40, cikin hasken dim.

Shi ya sa a hanyar sahara marar fitila ake amfani da doguwar fitila muddin babu kowa a gaba. Raƙumi ne babban dalili. Jikinsa kalar yashi ne, dim kuma ƙafafunsa kawai take kamawa. Idan mota ta share ƙafafun, gangar jikin kan gilashin gaba take faɗowa.

Da ka hango hasken mota mai zuwa, ka koma dim tun da nisa, kada ka jira sai ya yi maka walƙiya. Haka idan ka cimma wata mota daga baya, domin haskenka na shiga madubinsa ya kashe masa ido. Wanda ya ƙi rage maka tasa, kada ka rama, makafi biyu ke nan a hanya ɗaya. Ka kawar da idonka zuwa layin gefen dama, ka ɗaga ƙafa daga totur har ya wuce. A cikin gari mai fitilun titi, dim ta wadatar.

Ruwan sama

Ƙa'idar mai sauƙi ce: in ka kunna waifa, kunna dim, ko da rana ce. A Jidda da Makka akan yi watanni ba a ga ruwa ba, mai da ƙura sun kwanta a kan kwalta, ruwan farko kuma ya mayar da su santsi. Nisan birki zai iya ninkawa. Doguwar fitila ba ta taimako a ruwa mai ƙarfi, ɗigon ruwan ne kawai za ta haska maka. Kuma babu fitilar da ke nuna zurfin ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin gada ko a kwari. Waɗanda suka ga ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 ba sa buƙatar a tuna musu. Idan gilashi ya yi gumi daga ciki, kunna na'urar sanyi ka juya iskar zuwa gilashin, ita ce ke busar da shi.

Ƙura da hazo

Hazo ƙananan ɗigon ruwa ne a cikin iska, ƙura kuwa ƙwayoyin ƙasa ne, amma abu ɗaya suke yi wa haske: suna mayar da shi ga mai shi. Doguwar fitila tana harba haske daidai tsayin idonka, sai ya dawo maka kamar ka haska farin bango. Dim tana sunkuyar da haskenta ƙasa, abin da ke dawowa kaɗan ne. Fitilar hazo ta gaba an ɗaura ta can ƙasa a jikin bamba, haskenta gajere ne mai faɗi. Aikinta ta nuna maka layin kwalta da gefen hanya a 'yan mitocin da ke gabanka. Ba ta ƙara maka nisa, don haka ba lasisin gudu ba ce.

Ta baya ita ce mai ceton rai. A motocin da ke amfani da ƙwan fitila na da, jar fitilar baya wat 5 ce, ta hazo kuwa wat 21, daidai da ta birki. Ana kunna ta idan gani ya gaza wajen mita 100, a kashe da zarar gari ya buɗe ko kuma an shiga cunkoso mota na bin mota. In ka bar ta a kunne a sarari, tana damun idon na bayanka, kuma ba zai saurin gane lokacin da ka taka birki ba.

Mu ɗauki misali. Ka baro Ɗa'if ka nufi Riyad da la'asar, kana gudun 120, sai ka hango jan bango na ƙura ya tokare gabas. Tun kafin ka shiga za ka fara aiki. Duba madubi, ɗaga ƙafa daga totur, taɓa birki a hankali don na baya ya ga ja. Kunna dim da fitilun hazo, rufe tagogi, mayar da iskar mota ta riƙa zagayawa a ciki, koma layin dama. Kada ka kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, yashi zai karce gilashin.

Ka shiga, yaya za ka san gudun da ya dace? Zaɓi abu na farko da ya ɓullo daga cikin ƙurar, allon hanya ko ƙarfen gefe, ka fara ƙirga daƙiƙu har ka iso shi. Idan ba ka kai huɗu ba, gudunka ya fi ganinka, ka ƙara ragewa. Mai ganin mita 50 kacal, wajen kilomita 45 a awa ne rabonsa. Ka riƙa duban allon gudu, domin a cikin ƙura ido ba ya ganin abin da zai kwatanta da shi, mutum yana 80 yana jin kamar 40 yake. Kada kuma ka manne wa jar fitilar tirela kana cewa ta zama jagora. In ya taka birki, ko ya sauka daga kwalta, tare za ku.

Wannan lissafi shi ne kuma na hanyar Hada, mai hawa dutse daga Makka zuwa Ɗa'if, da tsaunukan Abha da Baha, inda hazo ke sauka farat ɗaya. Ƙari a nan shi ne gangara da kwana: sa ƙaramar giya, kada ka kwanta a kan birki har ya yi zafi. Idan jami'an Murur sun rufe Hada saboda hazo, bi ta hanyar Sail.

Maganar falasha

A nan ne direbobi da yawa ke kuskure, har abin ya zama al'ada: da an ga ruwa ko ƙura, kowa ya danna falasha ya ci gaba da tafiya. A ra'ayinmu wannan ɓarna ce. Falasha ma'anarta "ga mota a tsaye" ko "ga haɗari a nan". Idan motoci ɗari suna tafiya da ita, wadda ta mutu da gaske a tsakiyar hanya ba ta da abin da za ta bambanta kanta da shi. Na biyu, muddin tana kunne siginarka ba ta da amfani, ba wanda zai san za ka canza layi ko za ka fita. Inda ta dace a cikin tafiya shi ne idan ka tarar da cunkoso ya tsaya cak a babbar hanya: danna ta na 'yan daƙiƙu har na bayanka ya rage gudu, sannan ka kashe.

Idan gani ya ɗauke gaba ɗaya, tsayawa ta zama dole, kuma wurin tsayawar shi ne zai gaya maka abin da za ka yi da fitila. Mafi kyau ka shiga gidan mai ko wurin hutawa. In babu, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya, nesa da gefen hanya iya yadda ƙasa za ta ɗauki taya, ka ja birkin hannu, ka kashe fitilu duka, ka ɗauke ƙafa daga birki, ka zauna da bel a ɗaure. Dalilin kashewar shi ne masu bin jar fitila a makance za su ɗauka kana kan hanya, su biyo ka har inda kake. Amma idan mota ta mutu a kan kwalta, ko a gefen da ke manne da ita, falasha za ka kunna ka bar ta. In ana iya fita lafiya, aje alamar kusurwa uku wajen mita 100 a bayan motar, fasinjoji su fita ta ƙofar dama su koma bayan ƙarfen gefen hanya. Lambar gaggawa a yankunan Makka, Madina, Riyad da Gabas ita ce 911, a sauran yankuna kuwa lambar jami'an tsaron manyan hanyoyi ita ce 996.

Aikin gida

Da magariba, tsayar da motarka a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango. Goge fitilun da jiƙaƙƙen tsumma, domin ƙurar kwana biyu na cinye haske mai yawa. Auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ka yi alama a bango daidai wannan tsayi, sannan ka kunna dim. Saman hasken ya kamata ya faɗi ƙasa da alamar da kimanin santimita 10. In ya haura ta, kana kashe wa mutane ido ko da dim kake tafiya. In ya faɗi ƙasa sosai, mita 50 ɗin nan ba ka samun su. Maimaita gwajin bayan ka loda but da kaya da jarkokin zamzam, za ka ga hasken ya ɗaga. Motoci da yawa suna da ɗan maɓalli mai lamba 0 zuwa 3 kusa da sitiyari don sunkuyar da shi: 0 na mota marar kaya ne, ana ƙara lamba gwargwadon nauyi. Wadda ba ta da shi, mai gyaran wuta zai daidaita ta da sukurun da ke bayan fitilar.