Darasi na Bakwai: Sharhi a Ƙarƙashin Rubutun Wani

A darasin da ya gabata mun koyi yadda mutum zai wallafa rubutu da hoto a shafinsa na Fesbuk. Wanda ya gwada zai ga abin da ke faruwa: ya ɗora hoton kayan sana'arsa, kwana biyu sun wuce, mutum huɗu ne kawai suka danna alamar so, kuma duk 'yan gida ne. Ba laifin hoton ba ne. Sabon shafi kamar sabuwar rumfa yake a bayan kasuwa, ba a san da ita ba balle a leƙo. Jama'a suna can a shafukan da suka daɗe da kuma zaurukan sana'a, inda ake tambaya ana ba da amsa. Yau za mu koyi yadda ake zuwa can a yi magana a ƙarƙashin rubutun wani, har a san sunanka.

Mu fara da abin da wayar take yi. A ƙarƙashin kowane rubutu akwai wurin da aka rubuta Comment. Idan ka danna ka rubuta maganarka ka tura, mai rubutun zai sami sanarwa ɗauke da sunanka. Duk wanda ya iya ganin rubutun zai ga maganarka, da sunanka da hotonka a gefenta, kuma in ya taɓa sunan zai faɗa shafinka. A wurare da yawa Fesbuk ba ya jera sharhi bisa wanda ya riga wani. Za ka ga an rubuta Most relevant a sama, ma'ana ya ɗauko waɗanda yake ganin sun fi amfani ya sa su a gaba, kuma cikin abin da yake dubawa akwai yawan waɗanda suka amsa wa sharhin ko suka so shi. Saboda haka sharhin da ya jawo magana yakan hau sama, wanda ba wanda ya tanka masa yakan nutse.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce ke mai rainon 'yan tsaki ce, kina sayen 'yan kwana ɗaya ki raine su sati huɗu ki sayar. Kin shiga wani zauren masu kiwon kaji. Da safe cikin hunturu sai wata mata ta ɗora hoto ta rubuta cewa ta sayi 'yan tsaki 50 kwana uku da suka wuce, ta tashi ta tarar shida sun mutu, sauran sun cure a lungu ɗaya suna ta kuka. Me za ta yi?

Idan kika duba ƙasa, za ki tarar da mutane da yawa sun rubuta "Allah ya mayar da alheri". Addu'a ce mai kyau, kuma daidai ne a fara da ita. Amma in mutum talatin suka rubuta kalmomi iri ɗaya, matar ba za ta riƙe sunan ko ɗaya ba, kuma kajinta suna nan a cure. Za ki kuma tarar da wani ya rubuta "Akwai kaji masu lafiya a wurina, a tuntuɓe ni", ya sa lambar waya. Wannan kamar ka je gaisuwar asara ne ka baza hajarka a ƙofar gida. An gan shi kam, sai dai an gan shi a matsayin wanda bai damu da halin da take ciki ba, kuma a zauruka da yawa masu kula da zauren suna goge irin wannan, in ya maimaita su fitar da shi.

Ga abin da ke za ki iya rubutawa:

"Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri. A hoton na ga sun cure wuri ɗaya, wannan yawanci sanyi ne, kuma in sun hau juna na ƙasa sukan mutu. Da me kike ɗumama musu ɗakin, kuma wutar tana kaiwa asuba? Ni a satin farko ina sa kaskon garwashi in tashi cikin dare in ƙara, amma ina barin kafar shigar iska saboda hayaƙi."

Ku sake karanta shi a hankali. Jimla huɗu ce kawai. Ta farko gaisuwa ce da girmamawa. Ta biyu ta nuna cewa kin duba hoton da gaske, domin kin faɗi abin da kika gani a cikinsa. Ta uku tambaya ce. Ta huɗu abin da kike yi ne da hannunki. Babu inda kika ce kina sayar da kaji, amma duk wanda ya karanta ya gane cewa mai wannan magana ta kwana da 'yan tsaki.

Ina so mu tsaya a kan tambayar, domin ita ce aka fi mantawa da ita. Hoto ɗaya ba ya faɗin komai da komai. Curewa alamar sanyi ce, amma mutuwar 'yan tsaki tana iya zuwa daga ciwo, ko daga wahalar hanya, ko daga hayaƙin garwashi a ɗakin da aka toshe. In kika yanke hukunci kai tsaye kika ce "ba su magani kaza", alhali ba ki ga kajin ba, kina iya jawo mata wata asarar, kuma sunanki ne a jikin shawarar. Tambaya tana kare ki daga wannan. Tana kuma buɗe ƙofa, domin wanda aka tambaya yakan amsa, amsar kuwa ita ce farkon sanayya.

To, a ce matar ta amsa: da ƙwan lantarki take ɗumama su, kuma an ɗauke wuta tun tsakar dare. Yanzu magana ta fito. Sai ki danna Reply a ƙarƙashin amsarta, kada ki buɗe sabon sharhi, don zancen ya zauna wuri ɗaya kuma ta sami sanarwa. Ki gaya mata cewa a satin farko 'yan tsaki suna son zafin da ya kai digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa kaɗan kaɗan kowane sati. In ba ta da ma'aunin zafi, kajin da kansu za su nuna mata: in sun cure kusa da wuta sanyi suke ji, in sun guje ta suna haki da baki buɗe zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci suna sha to daidai ne. Sannan ki ƙara da cewa in ta gyara ɗumi amma mutuwar ba ta tsaya ba, ko ta ga zawo, ta nemi likitan dabbobi, don wannan ya wuce saninki. Faɗin iyakar saninki ba ya rage miki daraja. Masu karatu sun fi yarda da wanda ya san inda zai tsaya.

Bayan kwana biyu ki koma ki tambaye ta ya jikin kajin. Mutane kaɗan ne suke yin haka, kuma ni a ganina wannan komawar ta fi sharhin farko tasiri. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A waya ma sai an koma.

Me zai biyo baya? Kada ku sa rai cewa sharhi ɗaya zai kawo ciniki. Abin da yakan faru shi ne, wasu daga cikin masu karatu za su taɓa sunanki su leƙa shafinki. Nan ne aikin darasin baya zai yi amfani. In suka tarar da suna na gaskiya, da garin da kike, da hoton kajinki na kwanan nan, sun san inda za su dawo ranar da suke buƙata. In suka tarar da shafi babu komai, ko suna irin na ɓoye, sai su wuce. Bayan makonni kina irin wannan magana a zaure ɗaya, za ki fara ganin alamar an san ki: wani zai yi tambaya, wani kuma ya kira sunanki ya ce ki zo ki duba. Ranar da wani ya tambaya a fili ina zai sami kaji 'yan sati huɗu, lokacin ne ya dace ki ce kina da su, in dokar zauren ta yarda. Shi ya sa yake da kyau a karanta dokokin zaure tun ranar shiga.

Game da yawa, gara sharhi biyu ko uku a rana a zaure ɗaya ko biyu da ka san sana'arsu, da ka bi shafuka ashirin kana zuba magana. Kada kuma a kwafi sharhi ɗaya a riƙa manna shi ko'ina. Fesbuk yana ɗaukar haka a matsayin damun jama'a, kuma yana iya hana mutum yin sharhi na ɗan lokaci. Lokaci ma yana da tasiri: rubutun da aka ɗora yau ana kan karanta shi, na watan jiya kuwa an tashi daga kansa.

Wani lokaci za ka ga an ba da shawarar da ka san kuskure ce, misali wani ya ce a toshe ɗakin gaba ɗaya a bar garwashi a ciki. Kada ka yi shiru, tunda dukiyar mutane ce a ciki, amma kada ka ce masa bai san komai ba. Ka ce: "Malam, a yi haƙuri, hayaƙin garwashi yana kashe su in babu mashigar iska." In ya ɗauki zafi, ka bar shi. Masu karatu sun riga sun ga maganganun biyu.

Kada ku rubuta lambar waya ko lambar asusun banki a cikin sharhi, domin 'yan damfara suna tsintar su a nan. Wanda kuke son ku ƙulla ciniki da shi, ku koma saƙon sirri, kuma kada a tura kuɗi don kawai mutum ya iya magana a zaure.

Na san abin da ke hana da yawanku rubutu shi ne tsoron kuskuren haruffa. Mai kajin da suke mutuwa amsa take nema. Ku rubuta gajerun jimloli da Hausarku, ku karanta a bayyane sau ɗaya kafin ku tura. In kuskure ya fita, ku danna kan sharhin ku riƙe, za ku ga Edit, sai ku gyara.

Aikin gida: kowa ya nemo rubutu ɗaya da wani ya yi a kan sana'ar da ya sani, ɗinki ne ko abinci ko gyaran babur. Ya kwafi tambayar a littafinsa, ya rubuta sharhi mai jimla huɗu a ƙarƙashinta: gaisuwa, abin da ya gani, tambaya, da abin da shi yake yi. Kada a tura tukuna. A zo da littafin aji mai zuwa, kowa ya karanta nasa ga na kusa da shi, shi kuma ya faɗi ko zai amsa in shi aka rubuta wa.