Yadda ake daidaita dokokin lido kafin a fara jefa dayis

Yawancin rigimar da ake yi a kan allon lido ba ta maguɗi ba ce. Mutum biyu ne suka zauna a allo ɗaya, kowa da lidon da ke kansa. Ɗaya ya koyi wasan a majalisa, a allon katako mai gilashi da dayis biyu a kofi. Ɗayan kuma a waya ya koya, a manhajar Ludo King da ta fito daga Indiya a 2016, inda dayis ɗaya ne kuma akwai gurabe masu tauraro da ba a cin ɗa a kansu. Hanyar da 'ya'ya ke zagayawa gurbi 52 ce a duka biyun, kowane launi 'ya'ya 4, shi ya sa kowa ke zaton wasa ɗaya ake yi, har sai an zo cin farko. Ga yadda za ku kashe maganar cikin minti biyu ko uku.

Da farko, kafin kowa ya zaɓi launi, mai allo ya tambaya: "Na waya za mu yi ko na majalisa?" Lokacin tambayar yana da muhimmanci. Da zarar 'ya'ya sun fita, kowa dokar da za ta fisshe shi zai goyi baya, kuma ba lallai da mugun nufi ba. Kafin jifan farko ne kawai ba wanda ya san wa doka za ta amfana.

Amsar wannan tambaya ita ke yanke yawan dayis, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Da dayis ɗaya, damar samun shida ɗaya ce cikin 6. Da biyu kuwa, damar aƙalla ɗaya ya nuna shida 11 ce cikin 36, kusan ninki biyu ke nan. Saboda haka a wasan dayis biyu ba a ba mutum ƙarin jifa don ya sami shida ɗaya, sai in duka biyun sun nuna shida, abin da ke zuwa sau ɗaya cikin 36. Ku faɗi wannan da baki, domin ɗan waya ya saba duk shida tana ba shi ƙarin jifa, zai miƙa hannu ya sake ɗaukar kofi.

Na biyu, ku yi maganar ci, a nan ne rabin faɗan yake. A lidon waya, in ka ci ɗan wani, nasa ya koma gida, naka ya ci gaba da tafiya, a ba ka ƙarin jifa. A lidon da aka fi yi a majalisun Najeriya kuwa, ɗan da ya yi ci ya gama aikinsa, ana ɗauke shi daga hanya a ƙirga shi cikin waɗanda suka tsira. Wannan yana sauya dabarar wasan gaba ɗaya. A tsarin farko gudu ake yi zuwa tsakiya, a na biyun farauta ake yi, har mutum kan ƙi matsar da ɗansa don yana dakon na abokin wasa ya gifta. A nan kuma ku yanke ko akwai gurbin tsira, da ko 'ya'ya biyu masu launi ɗaya a gurbi ɗaya suna tare hanya. Allon da ba a zana taurari a kansa ba, ni a ganina a bar maganar gurbin tsira kawai, don ba abin da za a nuna wa mai musu.

Na uku, wanda kusan kowa ke mantawa: yadda ake raba dayis biyu. Ɗauki wannan misali, ku jera shi a allo kowa ya gani kafin a fara. Mai ja yana da ɗa ɗaya tak a waje, sauran ukun suna gida. Ɗan mai kore yana gabansa da gurbi 3. Mai ja ya jefa, aka sami 3 da 4. Shi zai ce ya ci da 3 ɗin. Mai kore zai ce a'a, ina za ka kai 4? In ɗan da ya ci yana barin hanya, ba sauran ɗan da zai ɗauki 4, don haka dole a haɗa su 7, ya tsallake ɗan kore ya sauka gabansa da gurbi 4, shi ya koma abin farauta. Majalisu da yawa haka suke yi: mai ɗa ɗaya a waje haɗawa yake yi. Amma da 3 da 6 suka fito, babu gardama, 6 ta fito da sabon ɗa daga gida, 3 ta yi ci. Ku zaɓi ɗaya cikin biyu, ko dole a taka duka dayis ɗin, ko ana iya yafe wanda ba shi da wurin zuwa. Na fi son dokar dole, saboda tana hukunta mai barin 'ya'yansa a gida yana yawo da guda ɗaya.

Irin wannan tambayar tana dawowa a bakin tsakiya. Ɗan da ya rage masa gurbi 2 sai 2 cif take shigar da shi, wannan kusan kowa ya yarda. Abin da za ku ƙara shi ne, in ɗa ɗaya ya rage wa mutum kuma yana cikin layin launinsa, da dayis ɗaya zai riƙa jifa ko da biyu.

Na huɗu ladabin hannu ne, ba ya buƙatar dogon zance. Dayis da ya faɗo ƙasa ko ya jingina da katakon gefe, a sake jefa duka biyun. Ɗan da ka ɗaga ka fara ƙirga da shi, shi za ka taka. 'Yan kallo kuma su yi shiru. Wannan ta ƙarshen tana da wuyar aiwatarwa, musamman in mai ba da shawarar yayanku ne ko shi ya sayi shayin, amma in an faɗe ta tun farko ana iya cewa "Yaya, mun yi magana fa" ba tare da rai ya ɓaci ba.

Na ƙarshe, ku shirya wa abin da ba ku hango ba, don sai ya zo. Ku naɗa mutum ɗaya da ba ya cikin wasan ya zama alƙali, in babu kowa to mai allo. In gardama ta taso, kowa ya ɗauke hannu daga allo, domin da an motsa ɗa an ɓatar da shaida. Alƙali ya yanke, in shi ma abin ya shafe shi a mayar da 'ya'ya inda suke a sake jifan. Duk sabuwar dokar da aka amince da ita a tsakiyar wasa, sai a zagaye na gaba za ta fara aiki. In kuna yawan haɗuwa, ku rubuta abin da kuka yanke a 'yar takarda ku liƙa a bayan allon, ranar da baƙo ya zo sai a juya masa allon ya karanta kafin a miƙa masa kofi.