Darasi na 14: Gyaran imel ɗin ajiye aiki

Ga imel ɗin da wani mai kula da sito ya rubuta wa manajansa. Ku karanta shi da ƙarfi, kowa da bakinsa.

"Ranka ya daɗe
Ina sanar da kai, cewa zan ajiye aiki ranar 30 ga Yuni, ku nemi wani. Makullai littafin kaya da katin shaida, suna wurina. A biya ni haƙƙina."

Ya faɗi abin da zai yi, ya kuma sa rana, don haka ba za mu sake rubuta shi ba. Gyara kaɗan yake so.

Mu fara da waƙafi, wato wannan alamar (,). Aya ita ce wannan (.). Bayan gaisuwa a sa waƙafi: "Ranka ya daɗe,". Wanda ke gaban "cewa" kuwa a goge shi, domin "ina sanar da kai cewa" magana ce ɗaya a haɗe.

Yanzu ku ɗora yatsa a kan "Yuni". Nan ne yawancinku kuke tuntuɓe. Ku karanta daga farko har wurin, ku tsaya, ku tambayi kanku: maganar ta cika? "Zan ajiye aiki ranar 30 ga Yuni." Ta cika. To, aya za a sa, a fara na gaba da babban baƙi. Ku sake karantawa, ku sake tsayawa, ku sake tambaya. In ta cika, aya. In da saura, waƙafi ko babu komai. Kada ku ji kunya in kun rasa a karon farko, ku dai sake. Amma masu karantawa a zuci suna cewa sun gane, ku ne kuke dawo min da takarda waƙafi birjik kamar an watsa gero. Na ce da ƙarfi! Yatsa a kan kalma, sannan tambaya: ta cika?

A jerin kaya, waƙafi yana shiga tsakanin kaya: "Makullai, littafin kaya da katin shaida". Na gaban "suna" a goge shi.

Sai lafazi. "Ku nemi wani" da "a biya ni" umarni ne, kuma wannan manajan za ka iya komawa wurinsa neman takardar shaidar aiki. A sassauta su, a ƙara godiya:

"Ranka ya daɗe,
Ina sanar da kai cewa zan ajiye aiki ranar 30 ga Yuni. Ina fatan za a samu wani kafin nan. Makullai, littafin kaya da katin shaida suna wurina. Ina roƙon a biya ni haƙƙina. Na gode."

Kafin ka aika, duba takardar ɗaukarka aiki ka ga kwana nawa aka ce ka ba da sanarwa. Rubuta cikakken sunanka a ƙasa.

Aikin gida: kwafe imel ɗin da aka gyara sau biyu.