Yadda ake duba zanen azuzuwa na UML kafin a fara rubuta kod

Wani ɗalibi da nake duba wa furojet a Birnin Kebbi ya kawo mini zanensa, ya buga shi a takarda, akwatuna tara jere tsaf. Manhajar da yake son ginawa ta wata ƙungiyar manoman shinkafa ce a wajen Argungu. Ƙungiyar tana ba mambobinta rancen taki da iri, su kuma su biya da buhunan shanshera bayan girbi. Zanen ya yi kyau a ido. Amma da muka zauna muka bi shi layi bayan layi, sai muka tarar da wurare shida da za su ɓata manhajar da an gina ta a haka. Da zanen nasa zan nuna yadda ake wannan dubawa.

Duk layin da ya haɗa akwati biyu a zanen UML jimla ce, kuma jimla tana iya zama gaskiya ko ƙarya. Aikinka shi ne ka mayar da kowane layi zuwa magana da Hausa, ka faɗe ta da baki, ka ji ko wanda ya san harkar zai yarda. Ka buga zanen a takarda, ka samu biro, ka bi shi sau uku, kowane zagaye da abu ɗaya kawai a ranka. Zan rubuta layukan da rubutun PlantUML, domin yana nuna inda kowace alama take ba tare da hoto ba.

Zagaye na farko: kibiyoyin gado

Alamar gado layi ne miƙaƙƙe mai alwatika fanko a ƙarshensa. A manhajojin zane sunansa `Generalization`. Alwatikar tana zama ne a jikin uba, wato ajin da ya fi faɗi. Ka ɗora biro a gindin kibiyar, ka ja zuwa alwatikar kana cewa: "Kowane wannan, wancan ne." Ga abin da ɗalibin ya zana:

```
Manomi <|-- Mutum
Mutum <|-- Akawu
Kungiya <|-- Manomi
```

Layin farko yana cewa kowane mutum manomi ne. Ya juya kibiyar, saboda a ransa gado daga uba yake gangarowa zuwa ɗa, don haka kibiya ta nufi ɗa. Tunanin ba wauta ba ne, kuma shi ya sa wannan kuskure ya yi yawa. Sai dai a UML ɗa ne ke nuna ubansa, domin ɗa ne ya san da uban. Ajin `Mutum` bai san waɗanda suka gaje shi ba.

In kana shakka, bi halayen da ke cikin akwatunan. A cikin `Manomi` akwai `lambarMamba`. Da kibiyar a juye, `Mutum` ya gaji wannan lamba, `Akawu` kuma ya gaje ta daga `Mutum`, ke nan akawun da aka ɗauka aiki da albashi ya samu lambar mamba ba tare da ya taɓa shiga ƙungiya ba. Duk inda ka ga hali ya sauka kan ajin da ba ruwansa da shi, koma ka duba kibiyar da ke samansa.

Layi na uku matsalarsa daban ce, juya shi ba zai gyara komai ba. Manomi ba ƙungiya ba ne, ƙungiya ma ba manomi ba ce. Manomi yana cikin ƙungiya ne. Da zarar jimlar da ta fito daga bakinka ta zama "yana cikin" ko "yana da", to ba gado ba ne, alaƙa ce, sai a goge alwatikar. Kafin ka bar wannan zagaye, duba ko akwai layin gado mai tsinke-tsinke. Wannan na ajin da ke cika alkawarin `interface` ne, ba ya shiga tsakanin azuzuwa biyu na yau da kullum. Ka kuma bi kibiyoyin sama ka tabbatar ba su zagayo sun dawo inda suka faro ba, domin aji ba ya gadon kansa.

Zagaye na biyu: adadi a bakin kowane layi

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi yin sakaci. Kowace alaƙa tana da baki biyu, kowane baki yana buƙatar adadinsa: `1` ɗaya tak, `0..1` ɗaya ko babu, `0..*` ko nawa ne har da babu, `1..*` aƙalla ɗaya. Fara da abu mai sauƙi: ƙirga layukan alaƙa, ninka biyu, sannan ka ƙirga adadin da aka rubuta. Ɗalibin yana da layuka shida, ya kamata a ga adadi 12, muka ga 9. Bakin da aka bari ba rubutu, wani zai karanta shi a matsayin `1`, wani zai ce ba a yanke shawara ba tukuna, mai rubuta kod kuma zai zaɓi wanda ya fi masa sauƙi.

Sai yadda ake karantawa, domin nan ma ana juyawa. Ka tsaya a kan aji ɗaya, ka ɗauki guda ɗaya daga cikinsa, ka leƙa can ɗaya bakin. Lambar da ke nesa da kai ita ce amsarka.

```
Manomi "1" -- "0..*" Rance
```

Daga hagu: manomi ɗaya yana iya cin rance ko nawa ne, ko kuma bai ci ba. Daga dama: rance ɗaya na manomi ɗaya ne tak. Ɗalibin ya sa `1..*` a bakin `Rance`. Wannan yana nufin ba a yi wa mutum rajista sai yana da bashi a kansa, alhali sabon mamba yakan shiga tun kafin a raba taki. Saboda haka a kowane baki tambaya biyu ce, kada ka haɗe su: zai yiwu a samu babu? Zai yiwu a samu fiye da ɗaya?

Layin da ya fi ɗaukar mana lokaci shi ne na `Manomi` da `Gona`. A bakin `Gona` ya sa `1..*`, bakin `Manomi` ya bar shi ba komai. Na tambaye shi, ya ce: "Malam, ai kowace gona da mai ita, ɗaya ne." Na ce ya kira akawun ƙungiyar a waya ya karanta masa jimlar yadda take. Akawun ya ce akwai fadamar da 'yan'uwa uku suka gada ba su raba ba, kowanne mamba ne, kowanne yana karɓar taki da sunan gonar. Akwai kuma wanda yake noman rani a gonar aro, da damina mai ita ya karɓe abinsa.

Ka ga abin da bakin da aka bari ya ɓoye. Da an ɗauke shi `1`, a rumbun bayanai za a sa lambar manomi guda a teburin gona, ranar da ƙane ya zo rajista sai dai a goge sunan wansa, ko a shigar da gona ɗaya sau uku. Tun da alaƙar mai yawa ce ta ɓangarorin biyu, kuma tana ɗauke da nata bayanin, wato wace kaka ce, mallaka ce ko aro, sai muka ba ta aji nata:

```
Manomi "1" -- "0..*" Noma
Gona "1" -- "0..*" Noma
```

Wannan amsa ba ta cikin littafin UML, ba ta kuma cikin kan ɗalibi. Tana wurin mai riƙe da littafin ƙungiya, shi ya sa nake nacewa a kan a karanta masa.

Zagaye na uku: daimon

Daimon iri biyu ne, kuma dukansu suna zama a jikin babban abu, ba a jikin ɓangarensa ba. Fara da duba wannan. Baƙin daimon, `Composition`, magana ce mai nauyi: ɓangaren na abu ɗaya ne kawai a lokaci guda, kuma in aka share babban, ɓangarorin da ke jikinsa sun tafi tare da shi. Daga nan ake samun gwaji mai sauri. A bakin da baƙin daimon yake, adadi ba ya wuce `1` ko `0..1`. In ka ga tauraro a wurin, akwai kuskure ko a daimon ko a adadin.

Bayan mun cire alwatikar da ke tsakanin `Kungiya` da `Manomi`, ɗalibin ya so ya sa baƙin daimon a madadinta. Na ce ya amsa tambaya biyu. In ƙungiya ta watse, manoman sun daina wanzuwa? Manomi yana iya zama a ƙungiya biyu, ta shinkafa da ta albasa? Amsar farko a'a, ta biyu i, saboda haka baƙin daimon bai zauna ba. Haka ma `Sito *-- Buhu` da ke cikin zanen tun farko. Buhu yana shiga sito ya fita, a kai shi injin casa ko a sayar. Mai kod da ya bi wannan alama da gaskiya zai sa `ON DELETE CASCADE`, ranar da aka rufe wani sito a manhaja sai bayanan buhunan da manoma suka biya bashi da su su ɓace. Ga inda baƙin daimon ya dace, kuma a nan ne bai sa ba:

```
Rance "1" *-- "0..*" Biya
```

Kowane biya na rance ɗaya ne, ba ya da ma'ana in babu rancen.

Saura daimon fanko, `Aggregation`. UML ya zama mizani a hannun ƙungiyar OMG tun 1997, amma har a bugu na 2.5.1 da ya fito a 2017, ƙa'idar ta bar ainihin ma'anar wannan alama ga mai zane da fagen da yake aiki. Ke nan ba abin da daimon fanko ke tilasta wa kod wanda layi zalla ba ya yi. Ni a nawa aikin, duk inda na gan shi nakan tambayi mai zane abin da yake nufi. In ya ce "ƙungiya tana da manoma", sai in ce ya goge daimon, ya rubuta suna a kan layin, ya cika adadi. In malamin da zai ba ka maki yana son ganinsa, sa shi inda ɓangare da babba suke a fili, ka rubuta ma'anarsa a gefen takarda. Mu dai a ƙarshe haka muka bar wannan layin:

```
Kungiya "1..*" -- "0..*" Manomi : mamba
```

Bayan gyara ka sake bin zagayen nan uku, domin gyara ɗaya yana taɓa wani. Da muka ƙara ajin `Noma`, sai tambaya ta taso: rancen taki na manomi ne, ko na noman da ya yi a wata gona a wata kaka? Ɗalibin ya sake kiran akawun. Ya ce a littafinsa kowane rance yana da sunan mutum, da gona, da kaka, rani ko damina. Muka cire layin `Rance` daga jikin `Manomi`, muka mayar da shi jikin `Noma`, `1` a bakin `Noma`, `0..*` a bakin `Rance`.